Shunin Kalilu a Kan Farar Riga

Duk wanda ya san Kalilu Marini na gefen Turba, hannunsa ya fara sani kafin fuskarsa. Daga farce zuwa gwiwar hannu baƙi ne wuluk mai ɗan shuɗi-shuɗi, ko da ya kwana yana dirza shi da toka. Yana ɗan shekara tara ubansa ya fara tsoma masa hannu a karofi, ramin nan mai zurfin gaba biyu da ake jiƙa ganyen baba a ciki, kuma shekara hamsin bayan nan hannun bai taɓa hutawa ba. Gajere ne, mai taurin kai, maras yawan magana. In ka yaba aikinsa ya ce ba ka san rini ba, in ka kushe ya ce dama.

A zamanin ubansa karofi goma sha huɗu ne a marinarsu, kowanne da murfinsa na kaba. Kalilu ya tashi ya tarar ana zuba busasshen baba da ruwan toka da katsi, wato laƙar tsohon karofi da aka ƙona, ana motsawa da doguwar muciya safe da yamma har kwana bakwai ko fiye, sai ruwan ya nuna, kumfa mai ƙyalli ta taso. Wannan kumfa ake kwashewa a shanya, ita ce shuni. Zane kuwa in an tsoma shi kore yake fitowa, sai ya sha iska ya juya shuɗi, a sake tsomawa, a sake shanyawa, har ya yi baƙi. Daga nan a kai shi kan gungumen bugu, a shafa masa shuni da ɗan kitsen akuya, a yi ta dukansa har ya riƙa walƙiya. A wurin Kalilu nan ne aiki ya cika. Zanen da ba a buga ba, shi a ganinsa, tsumma ne kawai da ya faɗa rami.

Masu sayen irin wannan aiki Buzaye ne. Kowace kaka sukan gangaro daga arewacin Maraɗi da raƙumansu, su sauka bayan gari. Akwai wani Agali, dogo, mai raƙuma fiye da arba'in, wanda shekara ashirin bai sayi rawani a hannun kowa ba sai Kalilu. Yadda yake ciniki ɗaya ne: ya warware takardar da aka naɗe rawanin, ya goga bakinsa a bayan hannu. In fata ta ɗauki shuɗi, ya biya ba gardama. In ba ta ɗauka ba, ya ajiye ya kau da kai. Su a wurinsu shunin da ke zama a goshi da kumatu ado ne, kuma shaida ce cewa mutum mai hali ne. Da wannan ma'auni Kalilu ya girma, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata uku, kuma bai taɓa jin akwai wani ma'aunin a duniya ba.

Atamfar kanti ta fara cin marinar tun kafin fari. Farin farko, na shekarun saba'in, ya rufe karofi tara. Sauran marina suka watse, wasu dako a Sakkwato, wasu ci-rani har Ikko ba su dawo ba. Da na biyu ya zo, shekarar da aka canja kuɗi aka rufe kan iyaka, saura karofi ɗaya rak, na Kalilu. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Baban da yake shukawa a gefen gona ko tsiro bai yi ba, sai ɗan abin da ya rage a rumbu yake ciyar da karofin da shi kaɗan-kaɗan. Buzaye sun gangaro, amma a ƙasa, ta hanyoyin daji, ba raƙumi ba akuya. Ba mai maganar rawani. Karofi kuwa abu ne mai rai, kullum rana tana shan ruwansa, kullum sai an ƙara masa tulu an motsa, in ba haka ba ya mutu ya koma ruwan wari. Matarsa Larai takan fita rijiya da hantsi ta dawo bayan azahar da tulu uku, ɗaya na ramin. Ta yi mita har ta gaji. Shi dai abin da ya sani, ranar da karofin nan ya mutu ba sauran baban da zai sake tayar da shi, kuma ba sauran marini a garin.

Cikin wannan hali Ruƙayyatu ta zo. Ɗiyar ƙanwarsa ce, ta yi karatun zane da tsara kayan amfani a Zariya, tana koyarwa a wata sakandare a Isa. Ta sa ɗalibanta na ajin ƙarshe aikin da zai haɗa sana'ar gida da kayan zamani. Sun zana rigar kushin da luru, bargon nan na saƙar hannu, sun zana murfin fitilar lantarki da saƙar faifai, sun zana jakar makaranta. Duk a takarda suka tsaya, sai guda ɗaya: ƙaramar jakar rataya ta mahajjata, daidai fasfo da tikiti da katin allura. Ƙyalle uku na saƙar hannu mai faɗin yatsa huɗu za a haɗa, a rina baƙi, a yi mata baki da maɗauri na jan fatar akuya, a sa zif daga ciki. Wani attajiri, Alhaji Malami, mai motocin kaya, wanda ke shirya wa ƙauyawa tafiyar hajji, ya ga zanen ya ce a kawo masa goma ya gani. In sun yi, zai sa a yi ɗari uku.

Ta durƙusa ta gaishe shi a gindin bagaruwar marina, ta shimfiɗa masa kwalin da ta yanka daidai girman jakar.

«Kawu, in aikin ga ya samu, Alhaji ya yi alkawali motatai za ta kawo maka baba daga Zazzau, da duro na ruwa duk mako har a gama.»

Kalilu ya daɗe yana kallon murfin karofinsa. Baba da ruwa. Ba abin da yake roƙon Allah a bayan kowace salla sai su.

«Amma da sharaɗi guda,» in ji ta. «Jikkag ga bisa harami za a rataya ta, hwari tas. Ka tsoma kaɗan-kaɗan, ka bari shi sha iska sosai. In ya yi baƙi ka ɗauraye, ka wanke da sabulu, ka sake ɗaurayewa har ruwan shi hito garau. Kuma ba bugu, Kawu. Ba shuni.»

Ta ciro farin ƙyalle daga jakarta, ta goga a kan wani rawani da ke rataye, sau goma a bushe, ta jiƙa da yawu ta sake gogawa. Ƙyallen ya yi shuɗi.

«Ka gani? Wanga shi na ba a so. In an goga, ƙyallen shi tsaya hwari.»

«Ke Rakiya, yau ni za ki koya ma rini? Rawanin ga da kika rena, raƙumi anka taɓa ba ni kan irinai guda ukku.»

«Na sani, Kawu. Wanga wani aiki na daban.»

«To, na ji.»

Kuma ya ji ɗin, kada a yi masa ƙarya. Ta bar masa farin saƙi na jaka goma da ta sayo a kasuwar Bafarawa, da sandar sabulu, ta ce in ya gama ya kai wa Amiru baduku a Isa, shi ke da kwalin ɗinki, domin ita jarrabawa za ta riƙe ta mako biyu.

Ya fara da ƙyallen jaka ɗaya don gwaji. Kwana biyu yana tsomawa yana shanyawa har ya yi baƙin da yake so. Sai ya zo ɗauraya. Tulun farko ya fito shuɗi, na biyu ma haka. Ya sa sabulu, kumfa ta fito shuɗiya. Na uku, na huɗu. Ruwan ya malale a ƙasa ya yi tabo mai faɗin tabarma, daidai bakin hanyar rijiya. Mata suna wucewa da tuluna a ka, suka tsaya. Sai wata tsohuwa, Adda, wadda ta binne jikanta a makon nan, ta ce:

«Kalilu, ruwa na kaka ba ƙasa?»

Larai tana tsaye a bayansa. Ruwan yini guda da rabi ke nan da ta ɗebo da wuyanta. Ta tattara tulunan ta shige gida.

Da ƙyallen ya bushe ya ɗaga shi a rana. Ya yi haske, ba ƙyalli, ba nauyi a ido. Ya goga a hannun rigarsa, bai bar komai ba. Abin da Ruƙayyatu ta nema ke nan daidai, amma shi abin da ya gani aikin ɗan koyo ne, irin wanda ubansa kan jefar masa a fuska. Ya zauna ya yi ta juya abin a ransa. Tulu huɗu kan jaka ɗaya, saura tara, a garin da ake binne yara. Sannan a ɗauki wannan abu maras rai a kai gaban babban mutum, daga nan a kai shi ƙasa mai tsarki, a ce aikin Kalilu ne? Yarinya ce, ya gaya wa kansa, boko ta sani. Alhaji kuwa dattijo ne, Bagobiri, in ya ga aiki na gaske zai gane shi.

Akwai wani ƙoƙo da ya rufe da fata a ƙarƙashin gadonsa. Shuni ne na shekarun wadata, mafi kyan abin da ya taɓa kwashewa, ya ajiye don rawanin Agali in duniya ta gyaru. Shi ya ɗauko. Ya rina sauran taran, ya yi musu ɗauraya ɗaya, ya haɗa da na gwajin, ya shafe su duka da shunin nan har ƙoƙon ya ƙare, ya yi kwana uku a kan gungume. Tun rasuwar ubansa bai yi bugu irin wannan ba. Ƙyallayen suka fito suna walƙiya, baƙi mai ja-ja a ciki. Shi a zuciyarsa kyauta ya yi wa ɗiyar ƙanwarsa, mafi girman abin da ya mallaka.

Amiru baduku da ya warware takardar sai ya yi kabbara. Shi ma ɗan tsohon zamani ne, bai ga aibi ba, yatsunsa suna yin shuɗi yana ta sa albarka. Ya ɗinka goma cif a kan kwali, ya mayar cikin takarda. Ruƙayyatu ta aiko a kawo mata ta duba tun ana jibi, Kalilu ya ce shi zai kawo da hannunsa ranar da Alhaji zai zo. So yake ya ga fuskarta.

Ranar ta zo, tsakiyar bazara, zafi kamar bakin tanderu. A ƙofar makarantar ya tarar da mai gadi zaune kan buhu, da sanda, kansa naɗe da wani koɗaɗɗen yadin kanti. Sai da mutumin ya miƙe Kalilu ya gane tsawon. Agali ne. Suka riƙe hannun juna suna ta gaisuwa, lahiya lau, lahiya lau, ba wanda ya tambayi raƙuma. Kalilu ya wuce ciki.

Alhaji Malami ya riga shi isa ɗakin zane. Yana zaune cikin farar shadda, malum-malum, yana fifita da hula, zanen ɗalibai manne a bango a bayansa. Kalilu ya ɗora ƙunshin a tebur ya warware da kansa. Ruƙayyatu ta kalli ƙyallin, ta kalli cikin takardar da ya yi shuɗi.

«Kawu...»

Ba ta ƙarasa ba, Alhaji ya riga ya miƙa hannu.

«Masha Allah! Rabon da in ga irin wanga tun ina yaro.»

«Alhaji, don Allah ka dakata in gwada ta tukuna.»

«Mi za ki gwada, Malama? Ido ya gani.»

Ya rataya jaka ɗaya a wuya, ya zuge zif, ya sa littafinsa na aljihu ya ga ta ɗauka daidai. Ya yaba ɗinki, ya yaba maɗauri. Ya zauna da ita a ƙirji yana zayyana yadda motarsa za ta bi da Turba, duro nawa za ta iya ɗauka, yaushe za a fara kafin azumi. Gumi yana tsattsafo masa. Ruƙayyatu ta tsaya ta haɗa hannu, ta san abin da ke faruwa a ƙarƙashin jakar.

Da ya cire ta, sai ga siffarta a kan shaddar, shuɗi mai duhu, kusurwa huɗu, gefe ya ɗan malala inda gumi ya jiƙa. Yatsunsa ma sun rine.

Abin da ya fi ban tausayi a ranar shi ne, Kalilu murmushi ya yi. Ya matso ya nuna tabon da yatsa.

«Ka gani, Alhaji? Shuni na na gaske, ba haɗi. Haka za shi yi ta badawa shekara da shekaru.»

Alhaji ya dube shi, ya dubi rigarsa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

«Malam Kalilu, mahaihina da irin wanga rawani anka san shi, na san darajatai. Amma mutum ɗari ukku za ni ɗauka, mahi yawansu harami guda ɗai suka iya saye. Ƙaƙa za ni rataya musu wanga cikin zahin Makka? Su tsaya Arfa da tabo ga ƙirji?»

«Alhaji, ka ba mu kwana goma,» in ji Ruƙayyatu. «Ya iya wanda ba shi zuba, wallahi ya iya.»

«Malama, gobe Kano za ni. In ban ba da aikin ga can cikin makon ga ba, ba ni samun shi kan lokaci. Na so ƙwarai shi zama na gida.»

Ya yafa hannun riga a kan tabon, ya yi sallama ya fita.

Ruƙayyatu ta zauna a kujerar ɗalibi ta rufe fuska. Ta yi kuka na takaici, nata da nasa.

«Na hwaɗa maka, Kawu. Na gwada maka da ƙyalle.»

«Na yi guda yadda kinka ce. Tulu huɗu ta sha. Kuma ba ta yi kyau ba, Rakiya.»

«Ita ta mai kyan! Ina take?»

«Na buge ta tare da saura.»

Ya naɗe jakunkunan. Ta roƙi ɗaya, ya ba ta. A bakin ƙofa Agali ya ga ƙyalli ta yagewar takarda, ya miƙo hannu. Ya ɗauki jaka ɗaya ya shinshina, ya goga a bayan hannunsa kamar yadda ya saba yi shekara ashirin. Fatar ta ɗauki shuɗi nan take. Ya daɗe yana kallon wurin.

«Kalilu, ba ka taɓa yin irin wanga ba.»

«Naka na. Don rawaninka niɓ ɓoye shunin.»

Agali ya mayar da jakar cikin takarda a hankali, ya ture ta wajen Kalilu. Ba shi da abin saye, kuma ba irin mutumin da ke karɓar kyauta a bakin ƙofar da yake gadi ba ne. Hannun dai ya ɓoye shi cikin riga, kada rana ta taɓa wurin.

Karofin ya ƙara kwana goma sha tara. Baban rumbu ya ƙare a rinin jakunkunan nan, sannan mai gari ya hana a ɗebi ruwan rijiya sai don sha da girki. Kalilu ya ci gaba da motsawa safe da yamma, ruwan yana ja da baya, kumfa tana raguwa, har wata safiya cikin azumi ya ɗaga murfi wari ya buge shi. Ya tsoma wani ƙyalle don ya tabbata, ya fito toka-toka, ya sha iska bai juya ba. Ya kwashe ruwan da guga ya zuba bayan bagaruwa, ya jingine muciya.

Ruwan sama ya sauka bayan ƙaramar salla, mai yawa, har ramin ya cika ya tumbatsa da ruwa garau, wanda zai ɗauraye jaka ɗari uku ya yi saura. Mahajjatan Alhaji Malami suka tafi da jakunkunan roba 'yan Kano. Ruƙayyatu ba ta daina ba. Ta ci gaba da sa ɗalibanta irin wannan aiki, kuma kowane sabon aji, kafin su zana komai, sai ta miƙa musu jakar kawunta da farin ƙyalle su goga, ta tambaye su wa zai yi amfani da abin da za su yi, da wace riga, a wane irin zafi. Da kaka ta yi, ta zo ta ce masa ta samo wanda zai kawo baba daga kudu. Kalilu ya ce ƙafarsa ta daina ɗaukar tsayuwar bakin rami. Ƙafarsa lafiya lau take, kowa ya sani.

Noma ya koma, shi da ɗan abin da Larai ke samu a saƙar faifai. Wata rana da rani, bayan la'asar, ta kawo masa tuwon geron bana, na farko mai auki a shekara biyu. Ya wanke hannu ya sa a akushi. Tana zaune gefe tana kallonsa, sai ta ce, ba da wata manufa ba:

«Malam, dibi hannunka. Shunin ya hita duka, har ga akaihu.»

Kalilu ya ɗaga hannun ya juya shi gaba da baya. Hannu ne irin na kowa, na tsohon manomi. Ya sauke shi, ya ja hannun riga ya rufe, bai ƙara kai loma ba.